Mai Shakkar Da Ya Kawo Tambaya Bai Bar Gida Ba Tukuna

Yau magana ce muke tafe da ita wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma mu kanmu muna cikin masu laifi a cikinta.

A ƙarshen daminar da ta wuce, wani matashin malami da da yawanmu muke bin karatunsa a TikTok ya saka ɗan gajeren bidiyo kan falalar addu'a a ƙarshen dare. A ƙarƙashin bidiyon, cikin tarin masu cewa Allah ya saka da alheri, sai wani bawan Allah ya rubuta tambaya. Mun sauya duk abin da zai iya nuna ko shi wane ne, kuma da izininsa muke kawo ta, amma ma'anarta ke nan:

"Malam, ɗiyata ƴar shekara uku masassara ta kama ta. Kwana tara muna gidan likita. Na yi tsayuwar dare, na yi sadaka, har motona na sayar don magani. Ta rasu. Tun daga ranar, in na ɗaga hannu sai in ji kamar ba mai ji na. Wani lokaci ma zuciyata tana ce mini anya akwai mai jin. Ina tsoron abin da ke cikin raina. Malam, na kafirta ne?"

Kafin Malam ya ga saƙon, jama'a sun riga shi. Wani ya ce ya gaggauta sake kalmar shahada. Wani ya ce ya binciki cinsa, haram ce ta hana a karɓi addu'arsa. Wani ya ce igiyar aurensa ta tsinke. Wasu suka ce ai irin waɗannan turo su ake yi don a ɓata tarbiyyar matasa. Mutumin da ya binne ƴarsa mako uku da suka wuce, shi ne muka yi wa wannan ruwan duwatsu, muna ganin addini muke karewa.

Bayan kwana uku Malam ya fito da amsa, bidiyo na minti shida da ƴan kai, murya ƙasa ƙasa, babu tsawa. Wasu a fadarmu suka ce ya yi sanyi da yawa. Mu kuma ra'ayinmu shi ne taushin nan aikin sani ne, domin sai da ya gane irin ciwon sannan ya ba da magani. Ɗaya daga cikinmu yana ɗaukar karatu a zaurensa, shi ya sa muka samu damar tambayarsa yadda ya bi da lamarin, kuma abin da ya faɗa mana ya cancanci a sani.

Abu na farko da ya yi, bai kunna kyamara ba. Ya kwafe tambayar ya ajiye, ya ɓoye ta daga idon jama'a, sannan ya tura wa mutumin saƙo su biyu kawai. Ya yi masa gaisuwar mutuwa, ya tambayi lafiyar mahaifiyar yarinyar, sannan ya yi masa tambayoyi uku. Tun yaushe wannan tunani ya fara? In ya zo maka, daɗi kake ji ko tsoro? Kana samun barci, kana cin abinci, akwai wanda kake zama da shi?

Dalilin tambayoyin, in ji shi, shi ne abin da muke kira shakka kala uku ne, kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan.

Akwai waswasi. Shi wannan tunani ne da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba, sau da yawa a tsakiyar salla, kuma mai shi yana ƙyamarsa. Alamarsa ita ce in ka ba shi hujja sai ya samu sauƙi na yini ɗaya, gobe ya dawo da tambayar nan dai cikin wata riga. Irin wannan, yawan hujja ƙara masa wuta yake yi. Shi ne wanda hadisin Bukhari da Muslim ya yi magana a kansa, inda aka nuna cewa Shaiɗan yana jan mutum da tambayar wa ya halicci kaza har ya kai shi ga tambayar wa ya halicci Ubangiji, aka kuma umarci mutum ya nemi tsari ya dakata a nan.

Akwai shubuha. Wannan tambaya ce ta kai, mai ita yana iya tsara ta, yana iya faɗa maka inda ya ji ta, a lakwal ne ko a wani bidiyo. Misali ɗalibin da zai ce in an riga an rubuta komai, don me za a hukunta ni. Shi kam in ka ce masa ya nemi tsari ya yi shiru, abin da zai ji shi ne ba ku da amsa. Maganinsa zama da hujja, mataki mataki, kuma alamarsa ita ce in ya gamsu da mataki ɗaya yana wucewa gaba, ba ya komawa baya.

Sai na uku, shakkar da ciwo ya haifa. Ita tana da ranar haihuwa. In ka tambayi mai ita tun yaushe, zai faɗa maka ranar da abin ya faru, wani lokaci har da sa'a. Mutuwar ɗa ce, ko kora daga aiki, ko zaluncin da wani mai rawani ya yi masa. Bakinsa yana tambayar ko Allah yana ji, amma zuciyarsa tana tambayar ko an yasar da shi ne. Wanda ya kawo wa irin wannan mutum darasin tauhidi na awa guda, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Amsar da mahaifin yarinyar ya bayar ta nuna cewa nasa na uku ne, da ɗan waswasi a kansa. Ya faɗi ranar. Ya ce tsoro yake ji, har yakan tashi da dare yana kuka don gudun kada ya mutu a haka. Daga nan Malam ya san inda zai dosa. Ya kuma nemi izininsa kafin ya yi bidiyo, ya ce masa akwai irinka da yawa da ba su iya rubutawa ba, in ka yarda zan amsa a fili ba tare da sunanka ba. Mutumin ya yarda.

Yanzu mu bi bidiyon kansa. A rabin minti na farko Malam ya gama da abu mafi nauyi. Ya ce: "Ɗan'uwana, Allah ya jiƙan ɗiyarka, ya sa mai ceto ce. Ka tambaye ni ko ka kafirta. A'a, ba ka kafirta ba, aurenka yana nan, kai ɗan'uwanmu ne. Yanzu zauna in faɗa maka dalili." Da muka tambaye shi me ya sa bai fara da dogon gabatarwa ba kamar yadda aka saba, sai ya ce dalili biyu ne. Mai jin tsoro ba ya fahimtar komai sai an cire masa tsoron. Sannan mutanenmu kuɗin mega yana yi musu nauyi, da yawa ba sa kai ƙarshen bidiyo, wasu kuma suna yanka shi guntu guntu su sa a sitatus. In hukuncin yana minti na biyar, rabin masu irin ciwon ba za su taɓa jin sa ba.

Dalilin da ya kawo hadisi ne da ke cikin Sahihu Muslim daga Abu Huraira. Wasu sahabbai sun je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a ransu wanda ya fi ƙarfin su furta shi. Bai kore su ba, bai ce su sake shahada ba. Ya tabbatar cewa lalle suna jin nauyin abin, sannan ya nuna musu cewa wannan shi ne tsantsar imani. Malam ya tsaya ya fayyace, kamar yadda Imam Nawawi ya yi sharhi, cewa abin da aka yaba shi ne jin nauyin da tsoron, tunanin kansa ba abin yabo ba ne. Sai ya ce: "Kai da kake tashi da dare kana kuka don tsoron rasa imani, me kake tsoron rasawa in babu shi? Ba a gadin rumbun da ba hatsi."

Daga nan ya shiga maganar mutuwar. Mun lura bai fara da cewa jarrabawa ce ka yi haƙuri ba. Maganar gaskiya ce, amma mutumin ya ji ta sau ɗari a zaman makoki, kuma in ta zo da wuri takan yi kama da rufe baki. Malam ya ba da labarin rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Yaro yana numfashin ƙarshe a hannun mahaifinsa, idanun Annabi suna zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, Annabi ya nuna masa cewa wannan rahama ce. Ya tuna masa kuma cewa cikin ƴaƴan Annabi bakwai, shida sun rasu yana raye, Faɗima ce kaɗai ta rayu bayansa.

Wannan misali aiki biyu ya yi. Ya halatta wa mutumin kukansa. Ya kuma rushe maganar wanda ya ce haram ce ta hana a karɓi addu'arsa. Gaskiya ne akwai hadisi a Muslim kan matafiyin da ke ɗaga hannu alhali cinsa da shansa haram ne. Amma ɗaukar wannan hadisi a liƙa wa wani mutum takamaimai, a ce ga dalilin mutuwar ƴarka, da'awar sanin gaibu ce. In mutuwar ɗa alama ce ta ƙin karɓar addu'a, to me za a ce game da wanda ya fi kowa kusanci da Allah, ya kuma rasa shida?

Wurin da ya fi burge mu shi ne minti na huɗu. Ya kawo hadisin Musnad Ahmad da ke nuna cewa addu'ar mumini tana samun ɗayan uku: a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa a lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonta. Sai ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Amma in ka tambaye ni don me ɗiyarka, don me bana, wallahi ban sani ba. Ba zan ƙirƙiro maka hikima daga kaina ba." Wasu sun ɗauki wannan a matsayin gazawa. Mu dai mun taso a ƙasar Malikiyya, kuma kowane almajiri ya san Imamu Malik ya shahara da cewa ban sani ba in an tambaye shi abin da bai tabbatar ba. Ga mai shakka, wannan kalma tana da wani amfani na daban. Ya riga ya fara zargin cewa malamai suna da amsa a aljihu ga kowane abu, ko ta dace ko ba ta dace ba. In ya ji ka amsa iyakar saninka a wuri ɗaya, sai ya yarda da kai a wurin da ka ce ka sani.

A minti na biyar ya ba shi aiki, kuma ɗan kaɗan ne. Bai ce ya sauke Alƙur'ani a mako ba. Ya ce ya riƙe salloli biyar ko da yana jin su a bushe, kuma ya yi su cikin jam'i don kada ya kaɗaita. Ya ce in ya kasa roƙon komai, ya faɗa wa Allah ciwon kansa, kamar yadda Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yaƙub yana kai kukan baƙin cikinsa ga Allah bayan idanunsa sun yi fari saboda kuka. Ya ce kuma ya duba matarsa, domin ita ma ta rasa, kuma ta yiwu tana ɗauke da irin tambayar ba ta da inda za ta kai ta. Sauran daƙiƙun ya juyo gare mu masu kallo, ya ce duk wanda ya kira wannan bawan Allah kafiri ya tuna gargaɗin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa irin wannan kalma in ba ta dace da wanda aka jefa ba, kan mai jifar take komawa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ba a lura da su, amma su ne rabin taushin. Bai yi amfani da hanyar amsa da bidiyo da TikTok ya tanada ba, domin ita takan liƙa rubutun mai tambaya da sunansa a fuskar bidiyon, duk inda aka tura shi sunan yana biye. Karanta tambayar ya yi da bakinsa, ya cire gari, ya cire sana'a. Bai sa wa bidiyon jan rubutu na raddi ba, sunan da ya ba shi shi ne amsa ga ɗan'uwan da ya yi rashi. Babu sautin amsa kuwwa, babu nuna yatsa. A zaune yake, yana kallon kyamara kamar mutum ɗaya ne a gabansa.

Kada a ɗauki maganar ɓoye suna da wasa. A fiƙihunmu ridda tana taɓa aure, tana taɓa gado, tana taɓa sallar gawa da makwanci. In hoton tambayar nan da sunan mai ita ya isa wayar surukinsa, ko ta limamin unguwarsu, ƙila kafin amsar Malam ta iso an zo ɗaukar matarsa. Kuma duk mun ji abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai ya kai ga kashe wata ɗaliba. Lamarin can daban ne da wannan, amma ya nuna mana saurin da magana ke yi daga waya zuwa titi, da yadda taro ba ya tsayawa bincike. Malamin da ya nuna sunan mai shakka don bidiyonsa ya samu masu kallo, ya sayar da amanar da aka ba shi.

To, ba kowa ne ya yarda da mu ba. Wani dattijo da muke girmamawa, wanda yakan tsaya a fadarmu bayan la'asar, ya ce mana: "Ƴaƴana, irin wannan magana ba a kai ta kasuwa. Yaron da bai taɓa tunanin haka ba, yanzu kun sa masa a kai." Muka ce masa, Baba, maganarka tana da ƙamshin gaskiya. Akwai bidiyon da ke yaɗa cutar da ya zo warkarwa. Yadda ake gane shi, mai magana zai kwashe minti uku yana ƙawata shubuha, sannan ya amsa ta cikin minti ɗaya da zagi. Mai kallo zai tafi da tambayar, ya bar amsar. Don haka shubuha mai zurfi, wadda amsarta ke buƙatar karatu, zaure ya fi dacewa da ita. Amma tambayar wannan mahaifi ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kowace damina, daga Maradi zuwa Damagaram zuwa Tawa, masassarar cizon sauro tana ɗaukar yara, kuma iyayen da suka yi addu'a suka rasa suna nan cikinmu, suna sahu ɗaya da mu a masallaci. Malam bai shuka musu komai ba. Abin da ke ransu ya ambata, ya kuma gaya musu ba su fita daga gida ba.

Wani abokinmu kuma ya ce, in mai tambayar ɗan izgili ne fa, ya zo ya gwada Malam? Akwai su, ba mu musa ba. Ana gane su da cewa ba sa yarda a koma magana ta sirri, domin taro suke nema. In an amsa wannan sai su tsallaka wancan ba tare da sun ce komai kan amsar ba, suna kiran abokansu su zo kallo. Irin wannan a amsa masa sau ɗaya cikin ladabi, saboda masu karatu a gefe, sannan a bar shi. Amma a auna asarar kuskure biyun. In ka ɗauki ɗan izgili a matsayin mai gaskiya, ka yi asarar minti shida. In ka ɗauki mai gaskiya a matsayin ɗan izgili, ka kori mutum daga ƙofar da ya zo bugawa, kuma da wuya ya sake dawowa. Ko Fir'auna, Suratu Ɗaha ta nuna an umarci Annabi Musa da Haruna su yi masa magana mai taushi. Wane ne cikin masu tambayarmu ya kai Fir'auna, wane ne cikinmu ya kai Musa?

Masu cewa taushi sassauta addini ne, su sake kallon bidiyon. Malam bai ce shakka abu ne mai kyau ba, bai ce kowa ya bi abin da ransa ya raya masa ba. Ya faɗa ƙarara cewa wanda ya ƙudurta ƙaryata Allah, ya natsu a kan haka, ya fita. Abin da ya ƙi yi shi ne sanya wannan mutum a layin da ba nasa ba. Hukuncin bai motsa ba, muryar ce ta sauka. Haka muka karanta a Musnad Ahmad game da saurayin da ya zo neman izinin zina. Jama'a suka taso masa, Annabi ya ce ya matso kusa, ya tambaye shi ko zai so haka ga mahaifiyarsa, da ƴarsa, da ƴar'uwarsa, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Zina ba ta halatta ba a ranar, amma saurayin bai tafi a kore ba.

Sai dai mu faɗi iyakar abin, don kada a ɗauka bidiyo yana warkar da zuciya. Bidiyo yana iya cire tsoro ya buɗe ƙofa, iyakarsa ke nan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda ake karanta Ihya'unsa a zaurukanmu, ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu minad Dalal cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakka kamar mai jinya, kuma ya ce fitarsa ba ta zo ta hanyar jera hujjoji ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. In irin wannan malami ya ɗauki watanni, kada mu sa ran ɗan kabu-kabu ya warke cikin minti shida. Shi ya sa Malam ya haɗa mutumin da wani limami mai sanyin hali a garinsu, wanda zai riƙa ganinsa ido da ido.

Akwai kuma inda malami ya kamata ya san aikin ya wuce nasa shi kaɗai. Tambayarsa ta uku, ta barci da abinci, don haka ya yi ta. In mutum ya yi makonni ba ya barci, ya daina ci, ya daina fita sana'a, ko ya fara cewa gara ya bi yarinyar, wannan ciwon damuwa ne da ke buƙatar likita tare da addu'a. Haka wanda waswasi ya kai shi ga maimaita alwala ko shahada sau da yawa a yini har rayuwarsa ta tsaya. A fara da likitan da ke kusa, shi zai tura gaba in da buƙata, kuma babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu wannan lalura. Wanda ya ambaci son mutuwa kuwa, ba a jira a shirya masa bidiyo. A kira shi a ranar, a sanar da wani nasa, kada a bar shi shi kaɗai.

Za ku so ku ji yadda ta ƙare. Ba ta ƙare ba tukuna. Bayan wata biyu mutumin ya rubuto wa Malam cewa yana salla cikin jam'i, ya daina tashi da firgici, amma har yanzu hannunsa yana yi masa nauyi in zai ɗaga. Ya ce ranar da ya nuna wa matarsa bidiyon, ta yi kuka ta ce ita ma abin da ke ranta ke nan tun ranar jana'iza, tana tsoron faɗa masa kada ya ce ta yi saɓo. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa ciwo iri ɗaya. Malam ya ce bayan bidiyon mutane da dama sun turo masa saƙon sirri da irin wannan tambaya, har da masu furfura.

Saura mu. Yawancinmu ba malamai ba ne, ba za mu taɓa yin irin wannan bidiyo ba, amma mu ne muke riga malam isa wurin mai tambaya. In ka ga irin wannan rubutu, kada ka ɗauki hotonsa ka tura zaure, ko da niyyar a taya shi addu'a. Kada ka yanke hukuncin da kai kanka ba za ka iya kare shi gaban alƙali ba. In za ka rubuta wani abu, gaisuwar rashi ta isa, sai ka nuna masa malamin da ka san yana da sani da haƙuri. In kuma kai ne mai ɗauke da tambayar, ka zaɓi wanda za ka kai wa, ka tura masa a sirrance, kada ka zuba ta inda kowa zai taka.

Mu tuna, mutumin nan yana da wurare da yawa da zai iya kai tambayarsa. Wayar da ke hannunsa cike take da masu jiran irinsa, waɗanda za su karɓe shi hannu biyu su ce masa ai dama babu mai ji. Bai je can ba. Wurin malami ya zo, ya kira shi Malam, ya tambaya cikin tsoro. Wanda ya yi haka yana cikin gida, a bakin ƙofa yake tsaye yana duban fuskokinmu.

Allah ya jiƙan yaran da muka rasa, ya ba iyayensu dangana, ya tabbatar da zukatanmu, ya kuma tsare harsunanmu da yatsunmu daga korar bayinsa. Amin.